Yadda ake sauya faifan ajiya ba tare da sautukan waƙa sun ɓata ba

Fayil ɗin `.flp` na FL Studio ba ya ɗauke da sautukan da ka jera a cikin waƙa. Adireshinsu kawai yake riƙewa. Idan bugun kalangun da ka naɗa yana `D:\Sauti`, sai ka kai faifan zuwa wata kwamfuta da ta ba shi harafin `E:`, manhajar za ta nemi sautin ta rasa. Maganin shi ne kowace waƙa ta zauna a folda ɗaya da duk kayanta.

Da farko, buɗe wa waƙar folda tun kafin ka naɗi komai, ka sa mata suna kamar `2024-03-15_soyayya`. Fara suna da shekara, sannan wata, sannan rana, shi ke sa foldoji su jeru da kansu. A ciki ka ware wurin murya, wurin sautukan kiɗa, da wurin abin da aka kammala. Kada ka sa ƙ, ɗ ko ɓ a sunan fayil, don wasu manhajojin na hargitsa su. Duk lokacin da ka yi babban gyara, ajiye sabon fayil: `soyayya_v01`, `soyayya_v02`. Sunaye irin su "na ƙarshe" rikici suke jawowa. Sautin da ya riga ya shiga waƙa kuma, kada ka sake masa suna daga waje.

Sai tattarawa, wadda ita aka fi tsallakewa. Shiga `File`, sannan `Export`, ka zaɓi `Zipped loop package`. Zai haɗa aikin da sautukansa a ƙunshi ɗaya, sai ka ajiye shi a foldar waƙar. Mai amfani da Ableton Live ya danna `Collect All and Save`. Amma fa a kula: sautukan da ke cikin wata manhajar kiɗa ta daban, kamar Kontakt, ba sa shiga ƙunshin. Irin waɗannan layukan, fitar da kowanne a matsayin `WAV` ka ajiye a foldar.

Yanzu kwafi foldar zuwa sabon faifai, kada ka yanke ta. Idan faifan zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac, tsarin `exFAT` ya dace, domin `FAT32` ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. A Windows, idan foldar tana `D:\Waka`, sabon faifan kuma `E:` ne, wannan umarni ya isa:

```
robocopy D:\Waka E:\Waka /E
```

Guji ƙara `/MIR` a umarnin, domin yana goge duk abin da ke sabon faifan wanda babu shi a tsohon.

Kafin ka share komai, cire tsohon faifan daga kwamfutar, ka buɗe waƙar daga sabon, ka saurare ta har ƙarshe. Idan tsohon yana jone, manhajar na iya ɗauko sauti daga can ba ka sani ba. In komai ya yi, ƙara kwafi na uku ka ajiye a wajen situdiyo, a gida ko a intanet.