Umarnin da zai ba ka hoton saman tasha wanda waya ba za ta datse ba

Hoto guda ɗaya YouTube ke karɓa a matsayin hoton saman tasha, amma ba iri ɗaya take nuna shi ba. Girman da ta fi so shi ne fiksel 2560 a faɗi, 1440 a tsayi. Mai kallo a talabijin zai ga hoton gaba ɗayansa. Mai kwamfuta siririn yanki kawai zai gani daga tsakiya, mai tsayin fiksel 423, ko da yake faɗin yana iya kaiwa gefe zuwa gefe. Mai waya kuwa, wanda shi ne yawancin masu kallonka, har gefunan ma an yanke masa: abin da ake da tabbacin kowa zai gani shi ne 1546 a faɗi, 423 a tsayi, a tsakiyar hoton cif.

Idan ka yi lissafi, wajen kashi uku cikin biyar ne na faɗin, tsayin kuma bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A sama an zubar da kusan fiksel 508, a ƙasa ma haka, dama da hagu kuma 507 kowanne. Duk abin da kake so a karanta dole ya zauna cikin wannan ɗan fili.

Matsalar ita ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto ba sa ƙirga fiksel. Ko ka rubuta musu 1546 da 423 sau goma, za su cika hoton yadda suka saba: babban abu a tsakiya, fuskar mutum a can sama. Shi ya sa kake ganin tashar da hoton samanta ƙirjin mutum ne babu kai. Don haka lambobin naka ne, ka riƙe su don gwaji. Ita manhajar, da siffa za ka yi mata magana: ina ne babu komai, ina kaya suke, kuma yaya girmansu.

A ce kana da tashar koyar da ɗinki, kana son a karanta "Koyon Ɗinki" da ranar da kake sakin bidiyo. Ga umarnin da zan rubuta, da Turanci, domin shi waɗannan manhajoji suka fi ji:

```
Wide 16:9 background, flat deep indigo fabric texture, soft even light.
Large empty plain area in the center.
A small black sewing machine at far left, small thread spools
and scissors at far right, all lined up at mid-height.
Top third and bottom third: plain fabric only. No text, no logo.
```

Layin farko ya nemi shimfiɗar yadi mai launin baba mai duhu da haske wanda ya bazu daidai. Wannan hasken yana da amfani, domin idan rabin fili ya yi haske rabi ya yi duhu, babu launin rubutun da zai fito a duka biyun. Layi na biyu ya bar tsakiya fayau. Na uku da na huɗu sun tura keken ɗinki can hagu, zare da almakashi can dama, kuma sun ce ƙanana ne, a jere a tsakiyar tsayi. Kalmar ƙanƙanta ita ce ta fi kowace aiki a nan. Keken da ya cika tsayin hoton, a kwamfuta tsakiyar jikinsa kawai za a gani, ba wanda zai gane mene ne. Kana so tsayinsa ya tsaya a wajen kwata na tsayin hoton, don ya shiga yankin 423 da kansa da ƙafarsa. Kayan gefen nan kwalliya ce ga mai kwamfuta; idan waya ta yanke su, ba a yi asarar komai ba.

Ka lura ban ambaci YouTube ko hoton tasha a cikin umarnin ba. Da gangan ne. Da zarar ka faɗi haka, sau da yawa manhajar takan zana maka hoton shafin tasha ɗungurungum, da jan maɓalli da rubuce-rubucen bogi. Idan Midjourney kake amfani da ita, cire maganar 16:9 da ta rubutu daga jimlolin, ka sa su a ƙarshe kamar haka, domin ambaton abu a cikin jimla, ko da hana shi kake yi, wani lokaci yakan jawo shi:

```
--ar 16:9 --no text, logo
```

Sunan tashar fa? Kada ka bar wa manhajar ta rubuta. Ko a Turanci takan yi tuntuɓe, balle haruffanmu masu lanƙwasa. Ɗ ɗin "Ɗinki" zai iya dawo maka D, ko wani harafin da babu shi a kowane harshe, kuma ko ta rubuta daidai ba ka da iko a kan inda za ta ajiye shi. Buɗe Canva ko wata manhajar tsara hoto, ka zaɓi girman 2560 da 1440, ka shimfiɗa hoton. Sai ka zana akwati mai 1546 da 423, ka daidaita shi a tsakiya ta kowane ɓangare. Cikinsa za ka yi rubutu, kana barin ɗan fili a gefuna. Kafin ka zaɓi salon rubutu, buga ƙ da ɗ da ɓ ka gani, domin da yawa ba su da su. Za ka ga ɗan akwati, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa.

Girman rubutu shi ne inda aka fi yin sake. A waya, wannan faɗin na 1546 ana matse shi ne ya dace da allon da bai wuce tafin hannu ba, don haka abin da ka gani ɓaro-ɓaro a kwamfuta zai dawo ƙanƙani. Ga rabon da nake ba da shawara: sunan tasha ya kai tsayin fiksel 140, tazara 30, layi na biyu 70, misali "Sabon darasi duk Juma'a". Jimla 240 ke nan, saura kusan 90 a sama da 90 a ƙasa. Layi na uku ba shi da wuri. Lambar waya da sunayen shafukanka na sada zumunta su tafi wajen bayanin tasha. Fari ko ruwan madara a kan baba mai duhu yana fitowa tas. Rubutu siriri mai kama da na hannu kuwa narkewa yake yi.

Goge akwatin kafin ka fitar da hoton. YouTube ba ta karɓar wanda ya gaza 2048 da 1152, kuma yawancin manhajojin zane suna bayar da ƙasa da haka, sai an ƙara masa girma. Tunda shimfiɗar yadi ce, ba za ta dagule sosai ba. Nauyinsa kada ya wuce megabait 6. Idan PNG ya zarce, fitar da shi a JPG.

A YouTube Studio, ƙarƙashin Customization, idan ka ɗora hoton za ka ga layuka uku, na ciki an rubuta masa Viewable on all devices. Duba ko rubutunka duka yana ciki. Bayan ka wallafa, buɗe tashar a wayarka, ka miƙe hannu da ita. Idan sai ka matso da ita kafin ka karanta layi na biyu, rage kalmominsa ka ƙara girmansa. Idan kuma rabin keken ne ya leƙo a gefe yana taɓa harafin farko, koma ga umarnin ka sa `at the extreme left edge` a madadin `at far left`, ka sake zanawa.