Buhun Satumba

Ɗana, na ga ka gama sussuka, masara ta shiga ɗaki. To, kafin 'yan kasuwa su fara yi maka sallama, zauna mu yi lissafi, kuma da buhu za mu yi shi, domin naira ba ta kwana a aljihun manomi.

A ce buhu 30 ka samu. Fitar da zakka tukuna, buhu 3, tunda noman ruwan sama ne. Gidanka na cin buhu ɗaya a wata, sai ka ware 12 ka manta da su. Saura 15. Biyar na takin baɗi ne, shida na makaranta, huɗu kuma na rashin lafiya, cefane da kuɗin wuta.

A kan shidan nan nake so ka natsu. Makaranta sau uku take neman kuɗi: Janairu, wajen ƙarshen Afrilu, sai Satumba. Na Janairu bai cika ba da wahala ba, amma lokacin masara tana araha, don kowa ya fito da tasa. In kana da gyaɗa ko waken suya, su za ka fara sayarwa. Na Afrilu yana karo da sharar gona da sayen taki, shi ya sa na raba musu buhuna tun yanzu.

Na Satumba shi ne mai kayar da magidanta. Rumbu ya yi ƙasa, sabuwa ba ta bushe ba, zazzaɓin damina ya kwashe ɗan abin hannu, ga sabon aji da littattafai da kayan makaranta. A nan mutum ke karɓar bashi a kan zai biya da hatsi in kaka ta yi, sai ya ba da buhu biyu a kuɗin da ɗaya zai kawo masa a Agusta. Don haka wannan zangon ba shi uku daga cikin shidan, ka rubuta sunansa a jikin buhunan, ka kai su ɗakin uwargida. Ta fi ka iya cewa babu.

Ajiyar wata tara kuwa sai da shiri. Ciza ƙwaya: in ta fashe ƙaras, ta bushe, in ta lotse, mayar da ita rana. Zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ka ɗora kan katako. Ka ga gari a gindin buhu, to ƙwari sun shiga, sayar kawai.

Kada kuma ka rantse farashi zai hau, akwai shekarar da yake faɗuwa. In ka ga haka, je wurin hedimasta tun Yuli, ka roƙi a karɓi rabi, ragowar kuma in sabuwar gyaɗa ta fito. Wanda ya zo da wuri ana sauraronsa, ba kamar wanda aka koro wa ɗa gida ba.