Sakin Layi Guda, Layi Guda: Yadda Ake Matse Bayani Ba A Karya Masa Ƙashin Baya Ba

Tambaya: Ni ɗaliba ce da ke samun horo a ɗakin labarai na wani gidan rediyo. An ba ni taƙaitaccen bayanin wani rahoto, sakin layi ɗaya, aka ce in mayar da shi layi ɗaya don kanun labarai. Sai na rubuta "Tafkin Chadi na ƙafewa." Edita ya dawo mini da shi, ya ce na juya maganar, alhali ni a ganina daga cikin bayanin na ciro. Ga sakin layin:

"A shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya sa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, har ya rabu biyu, ɓangaren arewa da na kudu. Amma wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin ya daina raguwa, ruwansa ma ya ɗan ƙaru, ko da yake bai koma girmansa na da ba. Masu binciken sun ce abin da ya fi wahalar da manoma da masunta da makiyaya a yanzu shi ne rashin sanin lokacin da ruwan zai cika da lokacin da zai janye."

Ina laifina yake, Malam?

Amsa: Editanki ya yi gaskiya, kuma laifin naki irin wanda kusan kowannenmu ya taɓa yi ne. Kin ɗauki abin da ya fi ƙara a cikin sakin layin, kin bar abin da aka rubuta sakin layin dominsa. Kashi 90 cikin 100 adadi ne mai tayar da hankali, shi ya fara shiga idonki, ga shi kuma ya dace da abin da kika saba ji game da tafkin tun kina makaranta. To amma marubucin ya kawo shi ne a matsayin shimfiɗa. Abin da ya zo faɗa yana bayan kalmar "amma".

Ki riƙe wannan kalma da kyau. A mafi yawan bayanan da suka ratsa hannuna, duk inda kika ga "amma", ko "sai dai", ko "duk da haka" a tsakiyar sakin layi, to abin da ya gabace ta tsohon zance ne da aka riga aka sani, abin da ya biyo ta shi ne sabon. Haka muke yi ko a hira. Wanda ya ce miki "yaron nan yana da ƙoƙari, amma ba na ba shi 'yata," ai kin san ba yabon yaro ya kawo shi ba.

Sannan akwai ɓarna ta biyu a layinki, wadda ta fi ta farkon ɓoyewa. Sakin layin ya ce tafkin "ya ragu", abu ne da ya faru ya wuce, an ma faɗi shekarun. Ke kuma kin ce "na ƙafewa", wato yana faruwa yau, gobe ma zai ci gaba. Da "na" ɗin nan kaɗai kin ɗauko farin shekarun 1970 kin ajiye shi a bana. Masu rubuta kanu suna son wannan "na" saboda gajarta ce kuma tana sa labari ya yi ɗumi, amma kafin ki sa ta ki tambayi kanki ko abin har yanzu yana gudana. Ga kuma "ƙafewa" da kika musanya da "raguwa". Ruwan da ya ragu yana nan, masunta na shiga da kwalekwale. Wanda ya ƙafe kuwa sai tsagaggen laka.

Yanzu ga yadda nake yin aikin. Ba na fara da goge kalmomi. Wannan ita ce hanyar da sababbin hannu suke bi: su ɗauki biro su dinga soke kalma ɗaya ɗaya har abin ya shiga layi. Matsalarta ita ce ƙananan kalmomi ake fara sokewa, irin su "kusan", "wasu", "idan", "in ji", "ana zargin", alhali su ne ke riƙe da gaskiyar magana. Garin neman gira sai a rasa ido. Abin da nake yi shi ne in karanta sakin layin sau biyu, in kifa takardar, in yi kamar wani ya tare ni a bakin ƙofa yana sauri ya ce, "Me rahoton ya ce?" Amsar da ta fito daga bakina, ita nake rubutawa, ko da ta yi tsawo. Gyaran tsawo daga baya ne.

Idan ban tabbata na kama jigon ba, sai in gwada cire jimlolin ɗaya bayan ɗaya. Mu gwada da sakin layin naki, mai jimla huɗu. Cire ta farko: an rasa adadin 25,000, amma saƙon yana nan daram. Cire ta biyu: an rasa dalilin raguwar, duk da haka mai karatu zai fahimci cewa tafkin ya taɓa raguwa. Cire ta huɗu: an yi hasarar magana mai amfani, amma abin da ya rage yana tsaye da ƙafarsa. Cire ta uku kuwa, sai sakin layin ya koma wani labari daban, labarin tafkin da ke mutuwa, wanda shi ne ainihin abin da binciken ya zo gyarawa. Jimlar da cire ta ke canja labarin, ita ce ƙashin baya.

To ita jimla ta ukun ma tana da gaɓa uku: ya daina raguwa, ya ɗan ƙaru, bai koma kamar da ba. A nan ne wasu ke faɗa wa ramin da ke ɗaya gefen. Sun gane cewa labarin ba na ƙafewa ba ne, sai murna ta kwashe su su rubuta "Tafkin Chadi ya farfaɗo." Wannan ma juya magana ce, domin wanda ya ji shi a Baga ko N'guigmi zai ɗauka ana nufin ruwa ya dawo inda kakanninsa suka san shi, alhali sakin layin ya faɗa ƙarara cewa bai dawo ba. "Ko da yake" ɗin nan linzami ne marubucin ya sa wa maganarsa, kuma ba ki da izinin cire shi. Gaɓa ta tsakiya, "ya ɗan ƙaru", ita ce za a iya bari, don idan an ce ya daina raguwa amma bai koma kamar da ba, mai sauraro ya riga ya san tsakanin ina da ina tafkin yake.

Saura mai maganar. Ba gidan rediyonku ne ya auna tafkin ba, masu bincike ne. Idan kika cire su, kin mayar da sakamakon bincike hukuncin tasharku. Don haka layin da zan miƙa wa edita shi ne:

"Tafkin Chadi ya daina raguwa, amma bai koma kamar da ba, in ji masu bincike."

Kalma goma sha biyar ke nan daga ɗari da 'yan kai. Babu 25,000, babu kashi 90, babu tauraron ɗan Adam, kuma babu wanda aka cuta, duk suna cikin cikakken labarin da zai biyo baya. Idan akwai sauran fili, abin da zan fara mayarwa shi ne "tun shekarun 1990", don kada a zaci a daminar bana abin ya faru. Idan kuma aka ce in ƙara ragewa, zan mayar da "in ji masu bincike" zuwa "Bincike:" a farkon layi in a jarida ne. A rediyo ba a jin ɗigo biyu, sai a faɗe shi da baki.

Na san za ki ce, to manoma da masunta fa? Ni ma jimla ta huɗun nan ta ba ni tausayi, don ita ce ta fi taɓa rayuwar mutane. Amma layi ɗaya magana ɗaya yake ɗauka. Idan kika cusa ta, za ki samu jimla mai wutsiya uku wadda mai karanta labarai zai shaƙe kafin ya kai ƙarshenta. Barin abu daban, juya shi daban: layina bai faɗi wahalar masunta ba, amma bai ƙaryata ta ba. Idan kuwa wata rana aka ba ki sakin layi mai jigo biyu da suka yi kunnen doki, kowanne in an cire shi labari ya canja, kada ki zaɓi ɗaya a ɓoye. Ki je ki gaya wa edita cewa labari biyu ne a nan, ya ba ki layi biyu ko ya zaɓa da kansa.

Bari in ba ki nawa abin kunyar. Shekarun baya ina rubuta wa wani kwamiti bayanin taro, aka yanke cewa a biya ɗan kwangila sauran kuɗinsa idan ya kammala rufin ginin. A takardar da ke zuwa wa shugaba, inda ake ba kowace matsaya layi ɗaya, sai na rubuta "An amince a biya ɗan kwangila sauran kuɗinsa." Kowace kalma a ciki gaskiya ce. Allah ya taimake ni akanta ya halarci taron, ya riƙe takardar ya zo ya same ni, ya ce, "Malam, ina rufin?" Tun daga ranar, kowane layin da na gama sai na koma sakin layin ina neman "idan", "sai in", "ban da", in ga ko na bar ɗaya a hanya.

Gwaji na ƙarshe ba a kan tebur ake yin sa ba. Ki sami wanda bai ga sakin layin ba, ko direban tasha ne ko mai gadi, ki karanta masa layin kaɗai, ki ce ya gaya miki abin da ya fahimta. Da kin karanta masa naki na farko, da cewa zai yi, "Ashe tafkin nan ya kusa ƙarewa." Nan take kin san akwai gyara, domin wanda ya karanta sakin layin ba zai faɗi haka ba. Kada ki tambaye shi ko layin ya yi daɗi, kowa zai ce miki ya yi.

Abu ɗaya kuma: ki tuna taƙaitawa kike taƙaitawa. Wani ya riga ya matse rahoton kafin ya iso gare ki, kuma mai yiwuwa shi ma ya zubar da wani "wataƙila" a hanya. Idan layinki ya fito da ƙarfi har ya ba ki mamaki, ki nemi ainihin rahoton ki duba wurin kafin a shiga ɗakin watsa labarai.

Ki sake rubuta naki ba tare da kallon nawa ba, ki kai wa editan gobe da safe. Allah ya ba da sa'a, 'yata.