Darasin Dillalai: Neman Wakilci Na Kai Kaɗai Wajen Mai Gida

'Yan'uwa dillalai, darasinmu na yau a kan gidan da za a sayar ko a ba da haya ne, da yadda za mu nemi mai gida ya bar mana shi mu kaɗai.

Ga misali. Wani alhaji yana da gida mai ɗaki shida, yana so a sayar naira miliyan 20. Ya gaya wa dillalai huɗu. Ɗaya ya ce wa masu saye miliyan 22, ɗaya ya ce 21, wani ya ce ko 19 ma za a sallama. Mai saye da ya ji kuɗi iri uku sai ya ce lalle akwai rikici a gidan, ko mai shi ya matsu, ya taya 17. Ran da ciniki ya faɗa kuwa, kowa ya zo ya ce shi ya kawo mai saye, a yi ta rigima a kan la'ada.

To, wannan ita ce hujjarmu. Mukan ce masa: "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, gida ba ya son baki da yawa. Ka bar mini shi wata uku, kuɗi ɗaya, baki ɗaya. Ni zan kafa allo, in kai masu dubawa, duk Jumma'a in kawo maka labarin wanda ya taya da abin da ya taya. Dillalin da ya kawo mai saye ya biyo ta hannuna, mu raba la'adata, ba za a ƙara maka ko kwabo ba."

Yawanci zai ce, "In ka kasa fa?" Amsar ita ce wa'adi. Wata uku ya cika ba ciniki, gidansa ya koma hannunsa. Kada mu nemi wakilci marar iyaka, mai hankali ba zai yarda ba.

In ya yarda, a rubuta takarda gaban shaidu biyu. A sa ranar farawa da ta ƙarewa, da kuɗin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, da la'ada da wanda zai biya ta. In an shirya a kan kashi 5 cikin ɗari, a miliyan 20 miliyan ɗaya ke nan. A kuma rubuta hukunci in mai gida ya sayar wa ɗan'uwansa da kansa cikin wa'adin: cikakkiyar la'ada, ko rabi, ko babu. Nan ne aka fi ɓatawa.

Kafin sa hannu mu ga takardun gidan da idonmu. In na gado ne, sai duk magada sun yarda, don maganar babban wa kaɗai ba ta isa ba. Kuma kada mu yi alkawarin miliyan 25 don kawai a ba mu gidan. Wata uku zai cika ba mai tayawa, mu rasa gidan, mu rasa amanar alhajin.

Allah ya ba mu ciniki na alheri, amin.