Duba Injin Ɗaga Kaya Kafin Ka Karɓi Takardar Aiki

Ya kai mai tuƙa injin ɗaga kaya a sito ko masana'anta, ko a Bompai kake ko a Sharada, wannan takarda taka ce. Idan ka karɓi canji, aikinka na farko shi ne duba injin da za ka hau. Sai ka gama wannan sannan ka je wurin shugaban ma'aikata ka karɓi jerin ayyukan ranar.

Me ya sa sai an fara da dubawa?

Da zarar takardar aiki ta shiga hannunka, ga tirela tana jira a bakin sito, hankalinka zai koma kan lodi, duk abin da ka gani sai ka ce a bari sai an jima. Ban da haka, akwai alamun da ba a ganinsu sai inji yana tsaye inda aka ajiye shi. Man da ya ɗiga a ƙasa yana nuna daidai inda yake yoyo, amma in ka matsar da injin, shaidar ta ɓace. Haka kuma murfin lagireto ba a buɗe shi sai inji ya huce, don kada tafasasshen ruwa ya watsu a fuska.

Kafin ka tayar da inji

Sa hular kwano da takalmin aiki, sannan ka zagaya injin. Leƙa ƙarƙashinsa ko akwai mai ko ruwa. Duba tayoyi da notinansu, ka auna baƙin mai da man haidirolik da ruwan lagireto. A lokacin hunturu ƙura kan toshe lagireto, sai inji ya riƙa ɗaukar zafi, don haka ka tabbata a share yake.

Sarƙoƙin ɗaga kaya su kasance da ɗauri iri ɗaya. In ɗaya ta saki, ɗayar ce ke ɗauke da nauyin duka. Tiyon haidirolik kuwa, kada ka taɓa laluben yoyonsa da hannu, domin mai da ke fita da ƙarfi ta ƙaramin rami yana iya huda fata. Kwali ake karawa a wurin a ga ko zai jiƙe.

Misali da yatsun inji

Yatsu su ne ƙarafa biyun da ke shiga ƙarƙashin kaya. Gwiwarsu, wato inda suka lanƙwasa, nan suka fi tsagewa, nan kuma suka fi cinyewa saboda gogar ƙasa. Ka'ida ita ce, in kaurin yatsa ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfinsa ya ragu da kamar kashi 20, kuma dole a cire shi.

A ce allon da ke jikin injinka ya nuna yana ɗaukar kilo 2,500, kuma sabon yatsa kaurinsa milimita 40 ne. Ɓangaren yatsa da ke tsaye ba ya gogar ƙasa, saboda haka da shi ake kwatantawa. Aka auna kusa da gwiwa aka samu milimita 36. To, yatsun nan ba su fi ƙarfin kilo 2,000 ba. Ga shi kuwa aikin farko a takarda buhun shinkafa 45 ne mai kilo 50 a kan katako ɗaya, wato kilo 2,250. Wanda ya dogara da allo kaɗai zai ce babu laifi, alhali ya ɗora wa yatsun abin da ya fi ƙarfinsu. Yatsan da ya tsage ko ya cinye ba a yi masa walda a sito, sauya su ake yi duka biyun.

Bayan ka tayar

Ɗaura bel. Gwada birki da birkin hannu da sitiyari da oda da ƙararrawar komawa baya. In birki ya nutse har ƙasa ko ya yi laushi, kada ka fita da injin. Ɗaga yatsu har sama ka sauke, ka karkata su gaba da baya. Sannan ka tsayar da su a sama kaɗan ka zuba ido. In suna sauka da kansu, haidirolik ba ya riƙe nauyi.

In ka ga aibi

Sauke yatsu ƙasa, ja birkin hannu, kashe injin, zare makulli, ka rataya alamar cewa kada a hau. Rubuta abin da ka gani a littafin dubawa da kwanan wata, ka sa hannu, ka sanar da shugabanka ya kira bakanike. Faɗa da baki kaɗai bai isa ba, domin mai karɓar canji bayanka bai ji ba, littafin zai karanta. In an ba ka wani injin, shi ma ka duba shi tun daga farko, sannan ka karɓi takardar aikinka.