Lissafin Sinadarai: Karanta Hoto, Daidaita, Duba Ma'auni, Sannan Ka Zaɓi Harafi

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a Daura da Zango da Mai'aduwa da Ɓaure da Sandamu. Ɗalibi zai ɗauki hoton tambaya daga wata tsohuwar takarda da wayarsa, ya aika wa malami ko abokin karatu, ya rubuta a ƙasa: "Wane harafi ne amsa?" Idan aka ce masa D, shi ke nan, ya wuce. To amma wanda ya tsara tambayar bai zuba amsoshin ƙarya da ka ba. Kowace ɗaya sakamakon wani sanannen kuskure ce, saboda haka ɗalibin da ya yi kuskuren zai tarar da amsarsa tana jiransa a jerin, ya zaɓe ta hankali kwance. Wannan shi ne abin da za mu nuna a darasinmu na wannan fitowa, da tambaya guda wadda muka tsara bisa salon waɗancan jarrabawoyi.

Fannin dai ana kiransa istoikiyometiri, wato lissafin yawan sinadaran da ke haɗuwa da yawan abin da suke haifarwa. Wani Bajamushe mai suna Jeremias Richter ne ya raɗa masa wannan suna a 1792. Ga tambayar, mun juya ta zuwa Hausa:

Wane adadi na ruwan asid HCl mai ƙarfin 0.5 mol dm⁻³ ake bukata domin ya cinye giram 5.3 na Na₂CO₃ gaba ɗaya? [Na = 23, C = 12, O = 16]

A. 0.2 cm³
B. 50 cm³
C. 100 cm³
D. 200 cm³

Abin da hoto ke ɓoyewa

Kafin a taɓa lissafi, sai a kwafe tambayar a takarda da hannu, a kuma buɗa hoton a dubi ƙananan abubuwa. Takardar da aka sha gurzawa, aka ɗauke ta da dare a hasken tocila, ɗigo da ƙananan lambobi take fara rasawa. Idan ɗigon da ke cikin 5.3 ya ɓace, ɗalibi ya karanta 53, amsarsa za ta ninka sau 10. Idan kuma ƙaramar 2 da ke ƙasan Na ta dushe, ido yakan cike gurbin da abin da ya saba gani, ya karanta NaHCO₃, alhali wannan wani sinadari ne daban, shi ne sodar da ake sa wa fulawa ta tashi. Haka cm³ da dm³: harafi ɗaya ya raba su, amma dm³ ɗaya cm³ 1000 ne.

Tambayar da kanta takan taimaka. Dubi nauyin atam da aka bayar a ƙarshe: akwai Na da C da O, babu H. Da NaHCO₃ ake nufi, da mai tambaya ya ba da H = 1, domin sai da shi za a fitar da nauyin sinadarin. Wannan alama ce mai kyau, ko da yake ba hujja ce yankakkiya ba.

Daidaitawa

Tambayar ba ta ba mu ikweshan ba, wato jimlar da ke nuna abin da ya shiga haɗin da abin da ya fito. Mu za mu rubuta. Duk lokacin da asid ya haɗu da kabonet, gishiri da ruwa da iskar CO₂ ake samu:

Na₂CO₃ + HCl → NaCl + H₂O + CO₂

Wannan jimla ta faɗi gaskiya game da sunayen abubuwan, amma ba ta faɗi gaskiya game da yawansu ba. Atam ba ya ɓacewa a haɗin sinadarai, ba a kuma ƙirƙirarsa, kamar yadda Antoine Lavoisier ya bayyana a littafinsa na 1789. Don haka sai mu ƙirga. A hagu Na biyu ne, a dama ɗaya, sai mu sa 2 a gaban NaCl. Yin haka ya mayar da Cl biyu a dama, dole ke nan mu sa 2 a gaban HCl. Yanzu H biyu ne a kowane ɓangare, C ɗaya da ɗaya, O kuwa uku a hagu, a dama ɗaya na ruwa da biyu na iskar.

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

A lura, lambobin gaba kawai muka taɓa. Ɗalibin da ya rubuta Na₂Cl don ya huce wahala ya ƙago abin da babu shi. Mai son ya tabbatar zai iya auna ɓangarorin da nauyi, ya ɗauki H = 1 da Cl = 35.5: hagu 106 + 73 = 179, dama 117 + 18 + 44 = 179.

Abin da jimlar ke cewa shi ne, kowane mol ɗaya na Na₂CO₃ yana cin mol biyu na HCl. Ba ta ce giram ɗaya yana cin giram biyu ba, kuma nan ne da yawa suke zamewa. Mol ƙidaya ce kamar dozin, sai dai babba ƙwarai, kimanin 6.02 × 10²³. Dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana adadinsu ɗaya, nauyinsu ya sha bamban. Saboda haka tilas a mayar da giram zuwa mol kafin a yi amfani da 1 da 2 ɗin nan.

Lissafin, kowace lamba da ma'auninta

Nauyin mol ɗaya na Na₂CO₃ shi ne (2 × 23) + 12 + (3 × 16) = 106 g mol⁻¹.

Yawan mol na Na₂CO₃ = 5.3 g ÷ 106 g mol⁻¹ = 0.05 mol

Yawan mol na HCl = 2 × 0.05 mol = 0.10 mol

Adadin ruwan asid = 0.10 mol ÷ 0.5 mol dm⁻³ = 0.2 dm³

Dalilin da ya sa muke jan ma'auni a kowane layi shi ne, shi yake tona kuskure. A layin farko giram ya soke giram, mol ya rage. A layin ƙarshe mol ya soke mol, abin da ya rage dm³ ne. Wanda ya ninka a inda ya kamata ya raba zai ga ya ƙare da mol sau mol, abin da ba a auna ruwa da shi, nan take ya san ya kauce. Tun da amsoshin a cm³ suke, sai mu juya: 0.2 × 1000 = 200 cm³. Amsa ita ce D.

Yanzu mu koma ga sauran haruffan mu ga wa aka haƙa wa kowane rami. Harafin A na mai gaggawa ne, wanda ya yi komai daidai har ya sami 0.2, ya hango 0.2 a jerin, bai dubi abin da ke bayanta ba. Da ya tsaya ya kwatanta da abin da ya sani, da bai faɗa ba. Giram 5.3 ya kai kimanin ƙaramin cokalin shayi na gari, 0.2 cm³ kuwa ɗigo huɗu ne ko makamancin haka, ba su ma isa su jiƙa garin ba. Amma 200 cm³ ya kusa rabin ledar ruwan sha mai cm³ 500, wannan ya shiga hankali. Harafin B na wanda ya daidaita ne amma ya juya lambobin, ya raba 0.05 biyu maimakon ya ninka, ya sami 0.025 mol, wato 50 cm³. Harafin C na wanda bai daidaita ba ne sam, ya ɗauka ɗaya da ɗaya.

Harafin C na da wani sirri da ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai. Kabonet yana karɓar asid ne a mataki biyu. A matakin farko mol ɗaya na HCl yana mayar da Na₂CO₃ zuwa NaHCO₃, a na biyu ne wani mol ɗin yake fitar da CO₂. A ɗakin gwaji, sinadarin nuna launi finolftalin yana rasa launinsa a ƙarshen matakin farko, shi kuwa metil oranj sai a ƙarshen na biyu yake sauyawa. Ke nan da tambayar ta ce an tsaya inda finolftalin ya sauya, da C ce amsa. Kalmar da ke nufin "gaba ɗaya" ita ta yanke hukunci, kuma irin wannan kalma ce gefen hoto yake yankewa ba a lura ba.

To idan aka gama lissafi amsar ba ta cikin jerin fa? Misali, wanda ya karanta NaHCO₃ zai raba 5.3 da 84, ya ƙare da kimanin 126 cm³. Kuskure ne ya ce 100 ce ta fi kusa ya zaɓi C. Masu tsara tambaya sukan zaɓi lambobin da ke rabuwa sumul, kamar 5.3 da 106. Idan rabon ya fito da dogon wutsiya, a fara zargin karatun hoton, a koma a sake dubawa.

Kanwa ba 106 ba ce

Wannan haɗi ba baƙo ba ne a gidajenmu. A matsa lemon tsami a kan ɗan gutsuren kanwa, za a ga kumfa, kuma iskar da ke cikin kumfar CO₂ ce, irin ta ikweshan ɗinmu. Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa kasuwannin ƙasar Hausa daga yankin Manga a Nijar da kewayen tafkin Chadi tana ɗauke da kabonet na sodiyam. Shi ya sa take kashe tsami, take kuma sa wake saurin nuna.

Sai dai kada ɗalibi ya auno giram 5.3 na kanwar kasuwa ya sa ran za ta ci 200 cm³. Babban sinadarin da aka fi samu a cikinta shi ne turona, Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O, wanda nauyin mol ɗinsa 226 ne, kuma mol uku na HCl yake ci: biyu na kabonet, ɗaya na NaHCO₃. Giram 5.3 na turona zalla zai ci kimanin 141 cm³ ne kawai. Kanwar kasuwa kuwa haɗe take da yashi da gishiri da wasu abubuwa, yawansu kuma ya danganta da inda aka haƙo ta, don haka mai yiwuwa abin da za ta ci ya gaza haka. Malamin da ke da asid da metil oranj a makarantarsa zai iya narka giram 1.06 na kanwa a ruwa, ya tace, ya sa ɗalibai su auna asid ɗin da ta ci. Da Na₂CO₃ zalla ne, 40 cm³ na asid mai ƙarfin 0.5 mol dm⁻³ zai ci, adadin da bututun awo mai cm³ 50 zai ɗauka a cika ɗaya.

Wannan darasi na kanwa yana shiga jarrabawa ta wata ƙofa. Wani lokaci tambaya takan ba da Na₂CO₃·10H₂O, wato sodar wanki mai ruwa a jikinta, nauyin mol ɗinta 286. Idan wutsiyar ·10H₂O ta faɗa a naɗin takarda ko a inuwar hoto, ɗalibi zai yi aiki da 106, lissafin duka ya rushe ko da ya daidaita ikweshan ɗinsa.

Aikin gida

Da giram 5.3 ɗin nan na Na₂CO₃, wane adadi na iskar CO₂ zai fito a daidaitaccen zafi da matsin iska, idan mol ɗaya na iska yana cika 22.4 dm³?

A. 1.12 cm³
B. 560 cm³
C. 1120 cm³
D. 2240 cm³

Ban da harafin da ka zaɓa, rubuta kuskuren da ya haifi kowane ɗaya daga cikin sauran ukun, ka kai wa malaminka ya duba.