Kafin ki tura hoton katin shaidarki, rufe wuraren nan

A ce kin sayi dilar atamfa daga Kano. Kaya sun iso Kousseri, suna jiran tsallake gadar Nguéli zuwa rumfarki a Grand Marché. Sai mai ɗauko kayan ya kira: "Hajiya, turo hoton katinki ta WhatsApp, don yarana su gane mai karɓa." Buƙatarsa ba laifi ba ce, amma suna da fuska kawai yake nema. Idan kika tura katin gaba da baya, kin haɗa masa har da abin da ake yin rajistar layin waya da buɗe asusun Airtel Money ko Moov Money da shi. Ranar da aka damfari wani da layin da ke ɗauke da sunanki, ke za a fara nema.

1. Fara da NNI. Ita ce lambar da hukumar ANATS ke bai wa kowane mutum, tun da aka soma ba da sabon katin a 2020. Kati yana ƙarewa a sabunta shi, amma lambar tana nan tare da ke. Wanda ya same ta yau, zai iya amfani da ita bayan shekaru. Ki haɗa da lambar katin kansa.

2. Sai ranar haihuwa da wurin haihuwa. Irin tambayoyin da ake yi ke nan idan mutum ya ce layinsa ya ɓata yana son a dawo masa da shi. Kuma da su ɗan damfara zai kira ki, ya karanto miki su tiryan-tiryan, har ki yarda daga kamfanin waya yake, ki ba shi lambar sirrinki.

3. Rufe sa hannunki. Daga hoto mai kyau ana iya kwafe shi a ɗora a kan wata takarda.

4. Bayan katin kuwa, kada ma ki ɗauka. Nan mutane suka fi yin kuskure: su rufe gaba da kyau, su bar baya a buɗe. Duk inda kika ga layukan haruffa masu alamar <<<, irin na ƙasan shafin fasfo, suna maimaita suna da lamba da ranar haihuwa ne don na'ura ta karanta. Haka ma duk wani zane mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya.

5. Yi rufin da takarda, kafin ki ɗauki hoton. Wannan ne matakin da na fi so ki riƙe. Yago takardar rasit, ki ɗora a kan katin yadda suna da fuska kaɗai za su fito, sannan ki ɗauka. Abin da kyamara ba ta gani ba, babu gwanin da zai tono shi.

Yankewa a cikin waya ba ta kai wannan aminci ba. Wayoyi da yawa suna ajiye ainihin hoton. A iPhone, danna Revert kawai ke dawo da shi cikakke. Alƙalamin nan mai haske-haske da ake shafawa a kan rubutu shi ma ba ya rufewa, da an ƙara hasken hoton lambobi za su bayyana. Idan dole sai a waya za ki gyara, sa baƙi ƙirin, ki ɗauki hoton allo na abin da kika gyara, ki tura shi. Kafin nan ki buɗe shi, ki ƙara girma da haske, ki duba da idonki.

6. A kan takardar rufin, rubuta dalili da kwanan wata da biro: "Don karɓar kaya a Kousseri kawai." Wanda ya so kai hoton wani wuri, rubutun zai tona shi.

7. Tura shi a matsayin hoto, ba Document ba. WhatsApp yana goge bayanin wurin da aka ɗauki hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba, amma Document yana tafiya da komai, har da inda gidanki ko rumfarki take idan GPS na kunne. Kuma ki tura wa mutum ɗaya, ba zauren 'yan kasuwa ba.

Banki da kamfanin waya su kam cikakken kati suke buƙata, ba za su karɓi mai rufi ba. To, ki taka zuwa ofishinsu ki nuna. Kada ki tura wa wanda ya kira ya ce shi wakilinsu ne.

Idan kin riga kin tura, Delete for everyone yana aiki cikin kwana biyu ko makamancin haka, amma ba ya goge kwafin da aka riga aka adana. Gobe da safe, kafin ki buɗe rumfa, ki goge hoton katin daga wayarki har da kwandon shararta, ki kira wanda kika tura wa ya goge nasa, sannan ki biya ofishin Airtel ko Moov Africa da katinki a hannu, ki ce a duba miki layuka nawa ne ke kan sunanki.